Turke, magaji da wutsiya: yadda ake gano jerin da ke biye a tsarin ƙamus

Ga lambobi shida a jere: 3 5 8 6 4 1. Karanta su a haɗe, ka samu 358,641. Tambayar ita ce, da waɗannan lambobi shida ɗin, ba ƙari ba ragi, wane adadi ne ya fi 358,641 girma amma ya fi duk sauran manyan kusa da shi?

Mai gaggawa zai ce a fitar da duk hanyoyin da za a iya jera lambobin, a tsara su daga ƙarami zuwa babba, a nemo namu, a duba na ƙasansa. Da lambobi shida wannan zai yiwu, hanyoyi 720 ne kawai. Da goma sun kai 3,628,800. Da ashirin kuwa sun kai 2,432,902,008,176,640,000, babu ma'adanar kwamfutar da za ta ɗauki wannan. Akwai wata dabara da ke ba da amsar ba tare da an fitar da ko jeri ɗaya na daban ba. Tana aiki a kan gurabe shidan nan inda lambobin suke, ba ta kwafe su zuwa wani wuri, abin da take buƙata bai wuce 'yan alamomin da za su riƙe mata matsayi ba. Dabarar ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru, ana danganta ta ga Narayana Pandita, masanin lissafi na ƙasar Indiya a ƙarni na 14.

Matakanta uku ne, kuma ana iya haddace su cikin minti biyar. Matsalar haddar ita ce, wanda ya haddace kan rubuta alamar kwatanci ɗaya ba daidai ba, shirin ya yi aiki lafiya a duk gwajin da ya yi, sai ranar da lambobi biyu iri ɗaya suka shigo. Don haka gara a fahimci inda matakan suka fito. Dukkansu daga lura guda suka fito.

Kafin nan, kalma ɗaya a kan tsarin ƙamus. A ƙamus "dama" na zuwa kafin "dare", domin haruffa biyun farko ɗaya ne, a na uku aka rabu, kuma m na gaban r. Abin da ya biyo bayan wurin rabuwar ba ya cikin lissafi. Haka ake kwatanta jeri biyu: a fara daga hagu, gurbin farko da suka bambanta shi ke yanke hukunci. Wannan yana nufin gurbin hagu ya fi na dama nauyi. Idan kana son ƙara wa jeri girma ɗan kaɗan, ƙari mafi ƙanƙanta da zai yiwu, to ka bar hagu yadda yake iya iyawarka, ka taɓa dama kawai.

Wutsiyar da ta ƙare

Dubi ƙarshen jerinmu, kana tafiya daga dama zuwa hagu. Lambar ƙarshe 1 ce. Ita kaɗai babu abin da za a yi da ita. Ɗauki biyun ƙarshe, 4 1. Za a iya sake jera su su fi haka girma? A'a, ɗaya hanyar ita ce 1 4, kuma ta fi ƙanƙanta. Ukun ƙarshe, 6 4 1, su ma sun riga sun kai ƙololuwarsu. Huɗun ƙarshe, 8 6 4 1, haka. Duk sashen da lambobinsa ke gangarowa daga babba zuwa ƙarami ya riga ya zama mafi girman abin da waɗannan lambobi za su iya zama. Ya ƙare, babu sauran ƙari a cikinsa.

Ɗauki biyar ɗin ƙarshe kuwa, 5 8 6 4 1, sai labari ya canza. 5 ta gaza 8 da ke damanta, gangaren ya karye a nan. Wannan sashe bai kai ƙololuwa ba, akwai sauran wurin ƙari. Tunda huɗun da ke bayan 5 ba za su iya ƙaruwa su kaɗai ba, dole ita 5 ɗin ta canza. Tunda kuma canza ta ya wadatar, babu dalilin taɓa 3 da ke hagunta.

Sashen da ke gangarowa shi zan riƙa kira wutsiya. Gurbin da gangaren ya karye, inda wutsiyar take ɗaure, shi zan kira turke. A rubutun manhaja za ka ga an sa masa suna `pivot`, ko kuma `i` kawai. Matakin farko ke nan: tafi daga dama zuwa hagu har ka samu lamba ta farko da ta gaza maƙwabciyarta ta dama.

Yanzu wa zai zauna a gurbin 5? Dole ya fito daga wutsiya, domin hagu ba a taɓa shi. Dole ya fi 5, in ba haka ba jerin baya zai koma. Kuma dole ya zama mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda suka fi 5, in ba haka ba mun yi tsalle. A wutsiyar 8 6 4 1 masu wuce 5 su ne 8 da 6, saboda haka 6 ce magajiya. Ba sai an duba kowace lamba ana riƙe mafi ƙanƙanta ba. Wutsiyar a tsare take, idan ka bi ta daga dama kana hawa ne: 1 ba ta kai ba, 4 ba ta kai ba, 6 ta wuce. Ta farkon da ta wuce turke ita ce amsa. Sai a musanya su:

```
3 5 8 6 4 1
3 6 8 5 4 1
```

Mataki na biyu ke nan. Jerin ya girma, amma ya girma fiye da kima. 368,541 shi ne mafi girman duk abin da ya fara da 3 6, mu kuwa mafi ƙanƙantansu muke so. Lambobi huɗu na wutsiya suna da hanyoyin jeruwa 24, don haka wanda ya tsaya a nan ya tsallake jeri 23. Abin da ya rage shi ne a mai da wutsiyar mai hawa, daga ƙarami zuwa babba.

A nan ne dabarar ta fi burge ni. Ba sai an tsara wutsiyar daga farko ba, juya ta kawai za a yi, domin bayan musanyar har yanzu gangarowa take: 8 5 4 1. Wannan ba sa'a ba ce ta wannan misali. Dubi gurbin da 5 ta faɗa. Duk lambobin da ke damansa mun wuce su ne saboda ba su fi 5 ba, don haka 5 tana sama da su ko daidai da su. Duk waɗanda ke hagunsa a cikin wutsiya sun kai 6 ko sun fi ta, 6 kuwa ta fi 5. Gurbin da aka ciro magajiya shi ne ainihin gurbin da tsohuwar lambar turke ta dace da shi a gangaren. Abin da ke gangarowa kuwa, idan aka juya shi kai ya koma ƙafa, hawa yake yi:

```
3 6 8 5 4 1
3 6 1 4 5 8
```

Amsar ita ce 361,458. Kana iya tabbatarwa da kanka: duk abin da ya fara da 3 5 bai wuce 358,641 ba, kuma 361,458 ne farkon masu farawa da 3 6.

Idan kuma aka bi jerin har farkonsa ba a samu turke ba, kamar 8 6 5 4 3 1, to dukkansa wutsiya ne, shi ne na ƙarshe. Al'adar da aka saba ita ce a juya shi gaba ɗaya ya koma na farko, 1 3 4 5 6 8, a kuma sanar da mai kira cewa zagayen ya cika.

Ga shi a Python:

```python
def na_gaba(a):
    n = len(a)
    i = n - 2
    while i >= 0 and a[i] >= a[i + 1]:
        i -= 1
    if i >= 0:
        j = n - 1
        while a[j] <= a[i]:
            j -= 1
        a[i], a[j] = a[j], a[i]
    x, y = i + 1, n - 1
    while x < y:
        a[x], a[y] = a[y], a[x]
        x += 1
        y -= 1
    return i >= 0
```

Abubuwa biyu a lura da su. Neman magaji ba shi da shinge irin na `i >= 0`, kuma ba ya buƙatarsa, domin mun san `a[i + 1]` ta fi `a[i]`, ko da komai ya gaza nan zai tsaya. Na biyu, idan babu turke `i` kan tsaya a -1, sai juyin ya fara daga gurbi na 0, jerin ya kife gaba ɗaya ba tare da an rubuta masa wani sharaɗi na musamman ba. Na rubuta juyin da hannu ne da gangan. A Python ana iya yin sa a layi ɗaya ta hanyar yanko wutsiyar, amma yankan yana ƙirƙirar kwafinta, maganar aiki a wuri ɗaya ta ɗan gurgunce ke nan.

Lokacin da lambobi suka maimaita kansu

Duk wahalar tana nan. A shirin da ke sama akwai alamomin kwatanci biyu, `>=` da `<=`. Idan lambobin duk daban-daban ne, cire alamar daidaito daga kowacensu ba ya canza komai, shi ya sa kuskuren ke ɓuya. Misalan da mutane ke gwadawa, 1 2 3 da ire-irensa, ba sa tona shi.

Mu fara da yadda ya kamata a yi. Ɗauki 2 4 7 6 4 1, mai 4 guda biyu. Wutsiya 7 6 4 1, turke 4 ta farko. Neman magaji daga dama: 1 ba ta kai ba. 4 ta kai amma ba ta wuce ba, sai a tsallake ta. 6 ta wuce. Bayan musanya an samu 2 6 7 4 4 1, wutsiyar 7 4 4 1 har yanzu ba ta hawa a ko'ina. A juya ta, a samu 2 6 1 4 4 7.

Yanzu a ce wani ya rubuta `a[j] < a[i]` a wurin neman magaji. Shirinsa zai tsaya a kan 4 ta biyu, ya musanya 4 da 4, wanda ba ya canza komai, sannan ya juya wutsiya. Sakamakon 2 4 1 4 6 7, wanda ya gaza inda aka taso. Jerin ya koma baya. Idan ana kiran aikin a cikin zagaye har sai ya ce an gama, ba zai taɓa cewa an gama ba. Daga 2 4 1 4 6 7 zai bi jeri 24 na wutsiyar ɗaya bayan ɗaya har ya dawo 2 4 7 6 4 1, ya sake faɗawa baya, haka har a kashe shirin. Ƙaramin misalin da ke tona wannan shi ne 1 2 1. Shiri mai kyau zai ba da 2 1 1. Mai wannan kuskure zai ba da 1 1 2, daga nan 1 2 1, daga nan 1 1 2, bai taɓa ganin 2 a gaba ba.

Kuskure na biyu a neman turke yake, idan aka rubuta `a[i] > a[i + 1]`. Wannan na ɗaukar lambobi biyu iri ɗaya a matsayin wurin da gangare ya karye, alhali 3 3 ta ƙare kamar yadda 3 2 ta ƙare, musanya su ba ya ƙara komai. Gwada shi da 1 3 3. Shirin zai kafa turke a kan 3 ta farko, ya shiga neman wadda ta fi 3. Babu ita a wutsiya. Ka tuna neman magaji ba shi da shinge, ya dogara ne da tabbacin cewa maƙwabciyar turke ta fi shi, wannan tabbaci kuwa yanzu ya rushe. Sai `j` ya wuce turke, ya wuce farkon jerin. A Python gurbi mai alamar ragi yana lissafi ne daga ƙarshe, don haka zai sake zagaya jerin sau ɗaya kafin ya faɗi da `IndexError`. A C++ babu mai tsayar da shi, zai shiga karanta ma'adanar da ba tasa ba.

Faɗuwar shiri ma sauƙi ce, aƙalla ka san akwai matsala. Mafi muni shi ne idan akwai babbar lamba a hagu. Ba wa shirin nan 4 1 3 3. Zai kafa turke a kan 3 ta farko, ya wuce ta yana nema, ya tarar da 4 a gurbin farko, ya musanya su, ya miƙo maka 3 1 4 3 ba tare da wani ƙorafi ba. Amsar gaskiya 4 3 1 3 ce.

Akwai kuskure na uku da ba ya cikin alamomin, yana cikin bangaren da aka nemo magaji. Wasu kan bi wutsiyar daga hagu suna riƙe mafi ƙanƙantar lambar da ta wuce turke. Idan magajin guda biyu ne iri ɗaya, wannan hanyar kan kama na hagu. Ɗauki 2 5 5 1. Idan aka musanya 2 da 5 ta hagu, za a samu 5 2 5 1, wutsiyar 2 5 1 ba gangare ba ce kuma. Juya ta ya ba da 5 1 5 2. Idan aka musanya da 5 ta dama, an samu 5 5 2 1, a juya a samu 5 1 2 5, wanda shi ne daidai. Na farkon bai koma baya ba, bai faɗi ba, jeri ɗaya kawai ya tsallake a ɓoye. Wanda ya yi amfani da tsarawa a madadin juyi ba zai ga wannan kuskure ba, domin tsarawa na gyara kowace irin wutsiya. Shi ya sa wasu ke ganin tsarawa ta fi aminci. Ni a ganina biyan kuɗin aikin da aka riga aka yi ne, kuma yana rufe alamar cewa ba a fahimci dalilin juyin ba.

Idan alamomin suka zauna daidai, ana samun wata riba kyauta: kowane jeri sau ɗaya yake fitowa. 1 1 2 2 tana ba da jeri shida, 1122, 1212, 1221, 2112, 2121, 2211, babu maimaici. Wannan ya bambanta da `itertools.permutations` na Python, wanda ke bambanta abubuwa da gurbinsu ba da ƙimarsu ba. Shi zai ba ka 24, kowane jeri sau huɗu, sai ka tace da kanka.

Daga nan ne ma wani amfani na gefe ya fito. Jera sifili biyu da ɗaya biyu, 0 0 1 1, ka bi su har ƙarshe. Za ka samu 0011, 0101, 0110, 1001, 1010, 1100. Idan 1 na nufin an zaɓa, 0 na nufin an bari, waɗannan su ne duk hanyoyin zaɓar abu biyu daga cikin huɗu.

Nawa yake ci?

A mafi munin hali wutsiya ta kusa tsawon jerin duka, sai a bi ta sau ɗaya wajen neman turke, wataƙila sau ɗaya wajen neman magaji, sannan a yi musanya kusan rabin tsawonta wajen juyi. Aikin yana ƙaruwa ne daidai da tsawon jerin, abin da ake rubutawa `O(n)`. Wasu kan lura cewa tunda wutsiyar a tsare take, ana iya nemo magaji ta hanyar raba ta biyu-biyu. Gaskiya ne, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba, tunda neman turke da juyi sun riga sun bi wutsiyar kaf.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda doguwar wutsiya ke da wuyar samu. A ce lambobin duk daban-daban ne. A rabin dukkan jeri, biyun ƙarshe suna hawa ne, wato wutsiya lamba ɗaya ce, aikin duka musanya ɗaya ne. Kafin wutsiya ta kai lambobi uku, sai ukun ƙarshe sun zo a gangare, hanya ɗaya cikin 6. Ta kai huɗu, ɗaya cikin 24. Ta kai biyar, ɗaya cikin 120. Idan ka tara yawan kwatancin da neman turke ke yi a matsakaici, 1 + 1/2 + 1/6 + 1/24 da sauransu, jimlar ba ta kai 1.72 ba, komai tsawon jerin. Musanya kuwa, ta magaji da ta juyi a haɗe, ɗaya da rabi ce da ɗan ɗoriya a matsakaici. A jeri mai lambobi goma, cikin matakai sama da miliyan uku da dubu ɗari shida, sau tara kacal turke ke kaiwa gurbin farko, wato lokutan da lambar gaba ke canzawa. Wannan lissafi na lambobi daban-daban ne. Idan maimaici ya yi yawa, kamar jerin sifili da ɗaya, doguwar wutsiya ba abin mamaki ba ce.

Saboda haka idan shirin da ke bin dukkan jeri ya yi nauyi, da wuya laifin ya zama na wannan mataki. Yawan jerin ne. Lambobi 12 suna da 479,001,600, 13 kuma 6,227,020,800. Dabarar tana rage kuɗin taki ɗaya, ba ta rage yawan takun. Ba ta kuma dace da tsalle mai nisa ba: idan jeri na miliyan kake so daga farko, taka miliyan ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, akwai lissafin da ke kai ka can kai tsaye.

Tarkon da ke wajen aikin

C++ yana da wannan dabara a shirye, `std::next_permutation` a cikin `<algorithm>`. Yana dawo da `true` idan ya samu na gaba, idan kuma jerin na ƙarshe ne sai ya mai da shi na farko ya dawo da `false`. Aikin kansa ba shi da matsala, yadda ake kiransa ne ke da tarko biyu.

```cpp
std::sort(a.begin(), a.end());
do {
    duba(a);
} while (std::next_permutation(a.begin(), a.end()));
```

Layin farko ba ado ba ne. Aikin daga inda jerin yake yake farawa, ya nufi gaba. Idan ka ba shi 2 1 3 ba ka tsara ba, za ka ga 213, 231, 312, 321, guda huɗu, a rufe. 123 da 132 suna baya, ba za ka gan su ba, kuma babu abin da zai gaya maka. Na biyu, `do` ne ke sa a duba jerin farko kafin a matsa. Wanda ya rubuta `while` tsura ya matsa kafin ya duba, jerin farko ya salwanta. Idan abu ɗaya ne a jerin, cikin zagayen ba zai gudana ko sau ɗaya ba.

Mai rubuta nasa a C++ kuma ya kula da nau'in `i`. Idan ya ba shi nau'i marar alamar ragi, irin `size_t`, sharaɗin `i >= 0` kullum gaskiya ne. Rage ɗaya daga sifili ba ya ba da -1, yana ba da wani ƙaton adadi, sai a karanta gurbin da babu shi. Wannan yana bayyana ne kawai a jerin ƙarshe, ko a jeri mai abu ɗaya ko marar komai, inda `n - 2` tun farko ya faɗa ƙasa da sifili.

Wanda kuma ya yi amfani da dabarar a kan tambayar da muka fara da ita, ta nemo adadi na gaba, ya tuna cewa amsar na iya fin ƙarfin mazubinta. 1,999,999,999 yana shiga adadi mai bit 32, wanda iyakarsa 2,147,483,647. Na gabansa 9,199,999,999 ne, ba ya shiga. Jera lambobin ya yi daidai, wajen mai da su adadi ɗaya ne abin ke fashewa.

Gwajin da ke kama kusan duk waɗannan kurakurai gajere ne. Fara daga jeri a tsare, ka riƙa kiran aikin, a kowane taki ka tabbatar sabon jeri ya fi wanda ya gabace shi a tsarin ƙamus, kana kuma ƙirgawa. Sharaɗin farko yana kama masu komawa baya, ƙirgar tana kama masu tsallake. Adadin da ya kamata ka samu shi ne `n!`, wato 1 × 2 × … × n inda `n` ke nufin yawan lambobin, a raba shi da `m!` na kowace lambar da ta maimaitu sau `m`. Ga 1 2 4 4 6 7, 720 a raba biyu, 360. Ga 1 1 2 2, 24 a raba huɗu, 6. Ka sa wa zagayen iyaka, ya tsaya idan ƙirgar ta haura abin da ake sa rai, don kada kuskuren 1 2 1 ya riƙe ka har dare. Daga nan ka gwada jeri marar komai, mai abu ɗaya, da 7 7 7, wanda ya kamata ya dawo yadda yake tare da `False` tun a kiran farko.